Na'urar da Ke Auna Barasa a Numfashi: Me Ya Sa Takan Saɓa da Gwajin Jini?

Wanda ya taɓa tuƙi a Ingila ko Amurka ko Afirka ta Kudu da daddare, wataƙila ya ga abin da idonsa. Ɗan sanda ya tsayar da mota, ya miƙo wata 'yar na'ura mai girman wayar hannu, da ɗan bututun roba a bakinta, ya ce a hura. Direba ya hura har ta yi ƙara, bayan 'yan daƙiƙu lamba ta fito. Ko a nan gida, jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya sukan shiga tashoshin mota da irinta, musamman a watannin ƙarshen shekara, suna gwada direbobin haya kafin su ɗauki hanya. Shi ya sa ko wanda bai taɓa kai kofin giya bakinsa ba, zancen ya shafe shi, tunda shi ma yana shiga mota, kuma wata rana shi za a miƙa wa bututun.

Mutane da yawa sun ɗauka lambar da ke fitowa awon jini ce. Ba haka ba ne. Na'urar ba ta taɓa ganin ko ɗigon jini ba. Iska take aunawa, sannan a ninka abin da ta samu da wata lamba da aka yi ittifaƙi a kanta, a ce ga abin da ke cikin jini. Duk rigimar da ake yi a kotuna kan wannan na'ura, tsakanin lauyoyi da 'yan sanda da masana, kusan dukkanta tana komawa ne ga wannan ninkawar.

Bari mu fara da yadda barasa ke shiga numfashi tun farko. Idan mutum ya sha, kaɗan daga cikinta na shiga jini ta tumbi, amma mafi yawa sai ta gangara ƙaramin hanji. Daga nan jini ya ɗauke ta ya zaga da ita ko'ina, har da huhu. A can ƙurya cikin huhu akwai miliyoyin ƙananan jakunkunan iska, kowace tana lulluɓe da siraran jijiyoyin jini, kuma abin da ya raba iskar da jinin bai kai kaurin fatar albasa ba. Barasa kuwa aba ce mai saurin tashi. Zuba turare a kwalba rabi ka toshe, ka dawo anjima ka buɗe: iskar da ke saman turaren ta cika da ƙamshi, kuma gwargwadon ƙarfin turaren gwargwadon ƙarfin ƙamshin. Wani masanin kimiyya ɗan Ingila, William Henry, shi ya bayyana ƙa'idar wannan a 1803: matuƙar zafi bai canza ba, abin da ke cikin ruwa da abin da ya taso cikin iskar da ke samansa suna tafiya ne bisa rabo guda tsayayye. A huhu, jini shi ne turaren, numfashi shi ne iskar saman kwalba.

Ba barasa mai yawa ke fita ta wannan hanya ba. Hanta ce ke ƙone fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da aka sha, ragowar ta fita a fitsari da gumi da numfashi. Amma ɗan wannan da ke fita ya isa a auna.

Wanda ya fara mayar da wannan ilimi kayan aikin ɗan sanda shi ne Farfesa Rolla Harger na Jami'ar Indiana a Amurka, wanda na'urarsa mai suna Drunkometer ta shiga hannun 'yan sanda a 1938. Balan-balan ake hurawa, a bi da iskar ta cikin wani ruwan sinadari mai canza launi. A 1954 wani jami'in 'yan sandan jihar Indiana ɗin, Robert Borkenstein, ya ƙera wadda ta fi ta sauƙin sarrafawa, ya sa mata suna Breathalyzer, sunan da har yau ake kiran dukkan danginta da shi. Ita ma launi take dubawa: ruwan sinadarin da ke cikinta rawaya ne, barasa na taɓa shi sai ya dusashe ya karkata zuwa kore, a auna yawan dusashewar da haske.

Yanzu an bar zancen launi. Ƙananan na'urorin da jami'ai ke riƙewa a bakin titi, yawancinsu wani ɗan batir ne a ciki wanda barasa ce makamashinsa. Faranti biyu ne na ƙarfen filatinum, da wani abu mai jiƙe da asid a tsakaninsu. Idan barasar numfashi ta sauka a kan faranti ɗaya sai ta rikiɗe ta koma sinadarin tsamin da ke cikin binega, kuma a wannan rikiɗar take sakin wutar lantarki 'yar kaɗan. Barasa da yawa, wuta da yawa. Na'urar wutar take ƙirgawa. Manyan na'urorin da ake ajiyewa a ofishin 'yan sanda, waɗanda sakamakonsu ake kai wa alƙali, su kuma haske suke amfani da shi, wani irin haske da ido ba ya gani da ake kira infirared. Ana cika wani bututu da numfashin, a harba hasken daga wannan baki zuwa wancan. Barasa na shanye wani yanki na hasken, don haka abin da ya ragu a hanya shi ke nuna yawanta. Wasu na'urorin sun haɗa hanyoyin biyu, domin kowace ta zama shaida a kan 'yar'uwarta. Akwai kuma masu araha da ake sayarwa a kasuwa don amfanin kai, waɗanda hayaƙin taba ko ƙamshin fenti ma kan ruɗa su. Waɗannan ba abin dogaro ba ne, mu bar su a nan.

In na'urar mai kyau ce kuma an kula da ita, awon da take yi wa iska daidai ne ƙwarai. Matsalar tana gaba, wajen canji.

Na ce canji da gangan, domin 'yan canjin kuɗi za su fi kowa saurin gane abin. Numfashi kuɗin wata ƙasa ne, jini kuɗin wata, sai an sami farashin da za a juya wannan zuwa wancan. A Amurka farashin hukuma shi ne 2100: ana ɗauka barasar da ke cikin mililita 2100 na numfashi daidai take da wadda ke cikin mililita ɗaya na jini. Birtaniya ta gina dokarta a kan kusan 2300. Wasu ƙasashen Turai sun ɗauki 2000. Tun daga nan mai hankali zai tsaya ya yi tambaya, don huhun Bature ɗan Landan bai bambanta da na ɗan Chicago ba. Gaskiyar ita ce babu ɗaya daga cikin lambobin da ta zama dokar halitta. Idan aka ɗauki jini da numfashin mutane a lokaci guda aka kwatanta, matsakaicinsu yana faɗawa tsakanin 2300 da 2400 bayan barasar ta gama shiga jiki, amma akwai masu ƙasa da 2000, akwai masu haura 2600. Mutum ɗaya ma lambarsa takan canza tsakanin farkon dare da tsakiyarsa. Farashin hukuma daban, na kasuwa daban.

Mu ɗauki misali mu bi shi a hankali. A ce an tsayar da direba a wata jihar Amurka inda iyakar doka take miligiram 80 na barasa a kowane mililita 100 na jini, abin da suke rubutawa 0.08. Ya hura, na'ura ta tarar da miligiram 0.40 a kowace lita ta numfashinsa. Wannan shi ne abin da ta auna da gaske. Sai a ninka da 2100, a sami miligiram 840 a litar jini, wato 84 a mililita 100. Allon na'ura ya nuna 0.084. Ya haura iyaka, an kama shi.

To a ce mutane uku ne suka hura, kuma duka ukun na'ura ta ba su wannan 0.084 ɗin. Na farko lambar jikinsa 2100 ce cif, don haka jininsa 84 ne, na'ura ta faɗi gaskiya. Na biyu lambarsa 2400, jininsa na ainihi 96, na'ura ta yi masa rangwame. Na uku lambarsa a wannan lokacin 1800 ce, jininsa 72, ƙasa da iyaka, amma takarda ta ce ya karya doka. Numfashi ɗaya, jini uku.

A nan ya kamata a yi wa masu dokar adalci. Zaɓen 2100 ba ganganci ba ne. Tunda yawancin mutane suna sama da ita, na'urar ta fi yawan rage wa mutum fiye da ƙara masa, kuma wanda ya fi cin moriyar wannan shi ne direba. Lauyoyin da ke sukar na'urar ba su cika son ambaton wannan ba. Amma mutum na uku yana nan, ba ƙirƙirarsa aka yi ba, kuma abin tambaya shi ne me ya saukar da lambarsa.

Babban dalili shi ne lokaci. Jinin da ke jikin mutum ba ɗaya ba ne a ko'ina yayin da barasa ke kan shiga. Jinin da ya ɗebo ta daga hanji yana bi ta hanta, ya shiga zuciya, ya wuce huhu, sannan a watsa shi ga sauran jiki. A hanya tsoka da sauran sassa suna tsotse barasar kamar soso, don haka jinin da ke dawowa ta jijiyar hannu, inda ma'aikacin asibiti ke soka allura, ya riga ya sauke wani kaso. Numfashi yana bin jinin da ke fitowa daga zuciya, allura kuwa tana ɗibar mai komowa. A sa'ar farko ko fiye bayan an sha, musamman in an ci abinci mai nauyi wanda ya jinkirta shigarta, numfashi zai nuna sama da jinin hannu. Daga baya, idan jiki ya jiƙe kuma hanta ta kama aikinta, abin sai ya juya, jinin hannu ya ɗan fi. Wani abin lura, wanda ni a ganina shi ne hujja mafi ƙarfi a wajen masu kare na'urar: jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa irin wanda numfashi ke bi ne. Ke nan a daidai lokacin da gwajin biyu suka fi saɓawa, numfashi ne ya fi kusa da faɗin halin da kan direban yake ciki.

Dalili na biyu zafi ne. Ka tuna sharaɗin Henry: matuƙar zafi bai canza ba. Ruwan zafi ya fi na sanyi tururi, haka jini mai ɗumi ya fi sakin barasa cikin iska. An saita na'urorin bisa zaton cewa numfashi yana fitowa daga baki a digiri 34 na ma'aunin Salshiyos. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana ɗaga sakamakon da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100. Mutumin da jininsa yake 75, in yana fama da zazzaɓin da ya ɗaga zafin jikinsa da digiri biyu, zai iya hura kusan 85. Bai ƙara shan komai ba, cizon sauro ne ya tsallakar da shi iyaka. Wasu na'urorin zamani suna auna zafin numfashin su gyara lissafi, amma ba duka ba.

Sai yadda aka hura. Iskar da ke fara fitowa ta baki da maƙogwaro ce, ba ta daɗe kusa da jini ba, barasarta kaɗan ce. Sai an ci gaba da hurawa iskar can ciki take isowa, lamba tana hawa har ta kusa tsayawa. Shi ya sa jami'i ke cewa ci gaba, ci gaba, kuma na'ura ba ta karɓar abin da bai wuce lita ɗaya ba. Wanda ya riƙe numfashi kafin ya hura, nasa zai hau. Wanda ya yi ta haki, nasa zai ɗan sauka na ɗan lokaci, jami'in da ya san aikinsa kuma zai jira ya sake. Mai asma ko tsoho mai raunin huhu kuwa wani lokaci ya kasa cika sharaɗin gaba ɗaya, a nan dole a koma jini.

Akwai kuma kuskuren da ya fi duk waɗannan girma in ya faru, kuma shi ne ya fi shafar wanda ba ya sha. Na'urar an yi ta ne don ta ji ɗan ƙamshin da ya taso daga jini, wanda ya ninka ƙasa sau dubu biyu. In akwai ɗanyar barasa a baki, kamar ka kunna rediyo ne a kunnen mai sauraron raɗa. Wasu ruwan kurkure baki suna ɗauke da barasa fiye da kashi 20 cikin 100, wasu magungunan tari da na feshin baki ma suna da ita. Mutum ya kurkure ya tofar, ya hura nan take, na'ura za ta nuna shi a buge alhali jininsa fes yake. Gyatsa ko amai ko ƙwannafi kan dawo da barasar tumbi zuwa baki ga wanda ya sha, su yi irin wannan ɓarnar. Sa'ar da aka yi ita ce barasar baki ba ta daɗewa, cikin kwata ɗin awa ta watse. Saboda haka ƙa'ida ta ce jami'i ya sa ido a kan mutum minti 15 zuwa 20 kafin gwajin da za a kai kotu, ba ci, ba sha, ba taba, in ya yi gyatsa a sake ƙirga. Ana kuma ɗaukar numfashi sau biyu da 'yan mintuna a tsakani. Barasar jini ba ta sauya sosai a mintuna kaɗan, don haka lambobin biyu za su zo kusa da juna. In ta farko ta yi sama can, ta biyu ta faɗo warwas, to daga baki take.

Masu ciwon sukari sukan ji ana cewa numfashinsu na iya ruɗa na'ura. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Idan ciwon ya rikice, jiki yana fitar da wani sinadari mai suna asiton, wanda tsofaffin na'urorin haske kan ɗauka barasa ne. Na yanzu suna duba hasken ta fuska fiye da ɗaya don su bambance, masu batir kuwa ba ruwansu da asiton. Haɗarin gaske a nan wani ne daban: mai sukarin da ya rikice yana tangaɗi da magana a sarƙe, a ɗauka maye ne, alhali asibiti yake bukata.

Duk wannan in na'urar lafiyarta ƙalau. Amma sikeli ne, kuma kowane sikeli yana bukatar a riƙa gwada shi da dutsen awo da aka san nauyinsa. Dutsen awon wannan na'ura shi ne ko dai iskar gas da aka san yawan barasarta, ko ruwa mai sanannen kason barasa da aka ɗumama zuwa digiri 34 daidai. A jihar New Jersey an gano wani sajan da ke saita na'urori yana tsallake mataki ɗaya, na tabbatar da zafin ruwan da ma'aunin da aka tantance. A 2018 Kotun Ƙolin jihar ta yanke cewa sakamakon waɗannan na'urori ba zai zama hujja ba, abin da ya taɓa shari'u fiye da 20,000. Ba a ce kowane sakamako ƙarya ne ba. An ce ne babu yadda za a tabbatar da shi.

Mu koma ga direbanmu, mu ba shi lambar 2300, wato jininsa na ainihi 92 lokacin da ya hura 0.084. Ya ce bai yarda ba, a ɗauki jininsa. Kafin a gama rubuce-rubuce a kai shi asibiti a sami mai ɗiba, awa biyu ta wuce. Hanta ba ta jiran kowa: tana rage kusan miligiram 15 a kowace awa, wasu ƙasa da haka, mashaya na kullum fiye. Jininsa yanzu kusan 62 ne. Lauyansa zai ɗaga takarda ya ce ga shi, numfashi 84, jini 62, na'ura ta yi ƙarya. Alhali a wannan karon rangwame ma ta yi masa. Abin da ya raba lambobin agogo ne.

Bai ƙare ba. Ɗakunan gwajin 'yan sanda suna auna jini ɗungurungum, amma ɗakin gwajin asibiti yakan juya jinin a inji, ƙwayoyin su kwanta, a auna ruwan da ya taso sama. Barasa ruwa take bi, kuma wannan ɓangaren ya fi jini ɗungurungum ruwa, don haka sakamakonsa yakan fi da kusan kashi 15 cikin 100. Takardar asibiti sai ta ce 71 maimakon 62. Yanzu muna da lambobi huɗu a kan mutum ɗaya a dare ɗaya, 84 da 92 da 62 da 71, kuma babu wanda ya yi maguɗi. Shi kansa jinin yana da nasa hanyoyin lalacewa. In aka goge fata da audugar sifirit kafin a soka allura ana iya gurɓata shi, in kuma aka zuba shi a kwalbar da babu garin da ke hana ruɓewa aka bar shi cikin zafi, ƙwayoyin cuta na iya haifar da barasa a ciki. Gwajin jini ya fi daidai idan an bi ƙa'ida, amma shi ma aikin hannun mutum ne.

Gajiya da wannan jayayya ta sa ƙasashe da dama suka kauce wa canjin baki ɗaya. Maimakon su ce numfashi ya nuna jini kaza, sai suka kafa wa numfashi iyakarsa ta kansa. A Ingila da Wales laifi ne mutum ya yi tuƙi da fiye da maikirogiram 35 a mililita 100 na numfashi, kamar yadda yake laifi ya haura miligiram 80 a jini. Scotland ta sauke nata zuwa 22 a 2014. Yawancin jihohin Amurka ma sun rubuta a dokokinsu cewa giram 0.08 a lita 210 na numfashi laifi ne a karan kansa. Da wannan, lauya ba zai ƙara cewa lambar jikin wanda yake karewa 1800 ce ba, don doka ba ta tambayi jininsa ba. Dabara ce ta shari'a, ba ta sauya komai a huhu ba, kuma mutum na uku a misalinmu har yanzu yana ɗaukar hukuncin da gwajin jini zai iya wanke shi daga gare shi. Ingila ta rage zafin abin ta wata hanya: a ofis ana hurawa sau biyu a ɗauki mafi ƙanƙanta, kuma a aikace ba a gurfanar da mutum sai ya kai 40.

Ga direban da bai sha komai ba amma na'ura ta nuna lamba, abin yi kaɗan ne. Kada ya yi gardama, kada kuma ya ƙi hurawa, don a ƙasashe da yawa ƙin hurawar laifi ne mai zaman kansa. Ya faɗa wa jami'in abin da ya shiga bakinsa a mintunan baya, maganin tari ne ko ruwan kurkure baki, ya roƙi a jira minti 20 a sake da sabon bututu, kuma ya tabbata an rubuta lokacin kowane gwaji.